Haƙuri da Mutunci a Zaman Matar Uba da 'Ya'yan Miji: Nazari

Tatsuniyoyinmu sun daɗe da yanke wa kishiyar uwa hukunci. A tatsuniyar Ruwan Bagaja da ire-irenta, mowa ce ke ƙulla wa 'yar bora sharri, don haka yaron Bahaushe kan san muguwar matar uba tun kafin ya haɗu da ta gaske. Wannan nazari bai shafi muguwar ba. Ya shafi matar da ta shigo gida da kyakkyawar niyya, ta tarar da 'ya'yan miji, ta jawo su jikinta, su kuwa suka noƙe. Tambayar da muke son warwarewa ita ce: a kan me ya kamata ta yi haƙuri, a kan me kuma haƙurin zai zama zubar da mutunci? Ra'ayinmu shi ne, yawancin wahalar irin wannan mace na tasowa ne daga cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a raba, wato kulawa da ladabi da ƙauna.

Ma'anar kalmomi

Matar uba ita ce duk macen da mahaifin yaro ya aura wadda ba ita ta haife shi ba. Akan ce mata kishiyar uwa, musamman idan ta zauna tare da mahaifiyar yaron a ƙarƙashin miji guda. Yaran kuma, daga ɓangarenta, 'ya'yan miji ne. Sun bambanta da agola, wanda shi ne ɗan da mace ta zo da shi gidan sabon miji daga aurenta na baya. Sun kuma bambanta da ɗan riƙo, wanda iyayensa suka miƙa wa wata 'yar'uwa da yardarsu. Wannan bambanci na ƙarshe yana da nauyi. Uwar riƙo ta karɓi ɗa da izinin mahaifiyarsa, saboda haka yaron ba ya jin yana cin amanar kowa idan ya so ta. Matar uba ba ta da wannan izini. Gidajen da ake samun matar uba iri uku ne: wanda uwar yara ta rasu, da wanda ta fita ta hanyar saki, da wanda tana nan a ɗakinta. Mun taƙaita nazarinmu ga biyun farko, domin a cikinsu ne ɗawainiyar yara ke faɗawa kan matar uba kacokan.

Haƙuri, a yadda za mu yi amfani da shi, shi ne daurewa a kan abin da mutum ba shi da ikon canzawa yanzu, ba tare da ramuwa ko ƙorafin da ya wuce kima ba. Kawaici reshensa ne, wato kau da kai daga laifin da aka gani don kada a kunyata mai shi. Mutunci shi ne ƙimar da mutum yake da ita a idon kansa da idon jama'a, wadda ke sa a ji nauyinsa. Kishiyarsa ita ce ƙasƙanci, wato mutum ya yarda a taka shi saboda tsoro ko kwaɗayin a so shi. A bayanin da Anthony Kirk-Greene ya wallafa a 1974 kan siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa, haƙuri da mutunci duk suna cikin jeri guda, tare da gaskiya da amana da kunya da ladabi. Ke nan al'adar ba ta ɗauke su abokan gaba ba. Matan unguwa ne, a wajen ban-baki, kan mayar da "yi haƙuri" ya zama "yi shiru", har a ga kamar dole sai an sarayar da ɗaya kafin a riƙe ɗayan.

Matsayinta a shari'a

Kafin a auna haƙurin mace, ya kamata a san abin da yake wajibi a kanta. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na arewacin Nijeriya ke aiki da shi, akwai abin da ake kira hadana, wato haƙƙin renon yaro da tsare lafiyarsa bayan rabuwar iyaye. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta bayyana cewa uwa ce ke da wannan haƙƙi, ga namiji har ya balaga, ga mace har ta yi aure ta tare. Idan uwa ta rasu ko ta auri bare, haƙƙin ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan ga 'yar'uwar uwa. Matar uba ba ta cikin wannan jeri a matsayinta na matar uba. Ciyarwa da tufatarwa kuwa nauyin uba ne. Muhtasar na Shehu Halil ya ƙara da cewa kowane ɗaya daga ma'aurata yana iya ƙin zama da ƙaramin ɗan ɗayan idan yaron yana da mai renonsa, sai dai idan an tare alhali yaron yana nan. Babu gado tsakaninta da yaran, ko da ita ta yi musu wanka tun suna rarrafe, sai dai wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi. Abin da shari'a ta tabbatar tsakaninsu shi ne muharramaka: aya ta 22 ta Suratun Nisa'i ta haramta wa ɗa auren matar ubansa har abada.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, riƙon da matar uba ke yi kyautatawa ce da amana da ta ɗauka, ba bashi ba ne da ake bin ta. Wadda ta san haka ba za ta ɗauki kanta baiwar gida ba, kuma mijin da ya san haka zai gode maimakon ya yi gadara. Na biyu, a gidaje da yawa al'ada ta saɓa wa wannan tsari, inda uba kan karɓe yara bayan saki, wani lokaci da zarar an yaye su, ya damƙa wa amarya. Yaron da aka raba da uwarsa ta wannan hanya yana da fushin da ke da dalili, amma ba ya iya nuna shi ga uba, don uba shi kaɗai ya rage masa. Sai fushin ya sauka kan wadda ya fi sauƙin ƙi.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Kulawa ita ce aikin da ake gani: abinci a kan lokaci, wanki, kitso, kai yaro asibiti, duba ko ya tafi islamiyya. Da zarar mace ta yarda ta ɗauki riƙo, wannan ya zama amana, kuma ba a rage shi don yaro ya ɓata mata rai. Ladabi shi ne mafi ƙarancin abin da ake bin duk wanda ke zaune a gida da babba: gaisuwa, amsa kira, rashin zagi, neman izini kafin shiga ɗaki ko taɓa kaya. Ana iya wajabta ladabi, kuma ana iya wajabta shi tun ranar farko. Ƙauna kuwa karkatar zuciya ce, ba a umartar kowa da ita. Wurin haƙuri shi ne ƙauna: ana jiranta shekaru, ana kuma iya rasa ta ba tare da laifin kowa ba. Wurin mutunci shi ne ladabi, wanda ba a jira, ba a kuma saye da kyauta. Kuskuren da muka fi gani shi ne juya lissafin. Mace ta matsa lamba a kan ƙauna, tana son a ce mata Umma, a kwanta a jikinta, sannan ta yi sakaci a kan ladabi, tana haɗiye zagi don kada yara su ƙara nisa. Sai ta wayi gari ba a so ta ba, ba a kuma jin nauyinta.

Ire-iren ƙi da yadda ake gane su

Ba duk ƙi ne iri ɗaya ba, kuma maganin wani yana ƙara wa wani zafi. Akwai ƙin alhini, wanda ake gani ga yaron da uwarsa ta rasu ko aka raba shi da ita. Alamarsa ita ce bai tsaya ga matar uba kaɗai ba: yaro ya rage wasa, karatunsa ya ja baya, ƙarami ya koma fitsarin kwance. Abin ya fi tsanani a lokutan da ke tuna masa uwa, kamar jajiberin sallah, ko ranar da aka sauya jeren ɗakin da ta zauna.

Akwai ƙin kara, wanda muke ganin ya fi kowanne buƙatar bayani. Kara a nan ita ce jin da yaro ke yi cewa idan ya so matar ubansa ya ci amanar mahaifiyarsa. Patricia Papernow, masaniyar halayyar ɗan'adam ta Amurka da ta wallafa littattafai kan irin waɗannan gidaje a 1993 da 2013, ta nuna cewa wannan ɗaurin zuci yana faruwa ko da babu wanda ya zuga yaron, kuma ya fi kama dangantaka da matar uba fiye da mijin uwa. Alamarsa tana da ban mamaki: yaro ya saki jiki yau, su yi hira har da dariya, gobe ya tashi da fushin da ya fi na jiya. Daɗin da ya ji shi ne laifin da yake hukunta kansa a kai. A nan kirkin matar uba shi ne ke matse yaron, ƙara kirki kuma ƙara matsi ne. Mace da ba ta fahimci wannan ba takan ce, "Me na rage su da shi?" alhali ba ragi ne matsalar ba. Binciken Mavis Hetherington a kan iyalai a Amurka, wanda ta tattara a littafinta na 2002, ya nuna cewa yaran da ke bakin balaga sun fi ƙanana wahalar karɓar sabon aure, 'yan mata kuma sun fi maza. Gidajen da aka yi wa waɗannan bincike ba irin namu ba ne, babu dangi a zagaye kamar yadda muke da su, amma duk wanda ya ga zaman 'yar shekara 13 da amaryar ubanta zai gane hoton.

Ƙin zuga ana gane shi daga harshe. Yaro ɗan shekara 8 ya furta maganar da ba ta bakinsa ba ce, kamar "kin raba mu da ubanmu" ko "an ce kina zuba mana magani a abinci", kuma abin yana ƙaruwa duk lokacin da suka dawo daga hutu wajen dangin uwa. Sai ƙin raini, wanda shi kaɗai ne ba daga ciwo yake tasowa ba. Yana tsirowa inda yara suka lura cewa ubansu ba ya daraja matarsa, ko yana tsawata mata a gabansu. Alamarsa ita ce yana ɓacewa idan akwai wanda ake tsoro a gida, ya dawo da zarar ya sa ƙafa waje.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara gida kamar haka. Mace 'yar shekara 27 ta auri ɗan kasuwa mai 'ya'ya 3: babbar 'yar shekara 13, namiji ɗan shekara 9, da auta 'yar shekara 4. Uwarsu ta fita shekara guda da ta wuce, ta yi aure a wani gari. Amarya ta tare da zumuɗi. A makon farko ta ce su riƙa kiranta Umma, ta ɗinka wa 'yan matan atamfa iri ɗaya da tata, ta ce daga yau ita za ta riƙa yi musu kitso. Auta ta manne mata. Namijin yana ci yana sha, ba ya cewa komai. Babbar ta ƙi sa atamfar, ta daina cin tuwon dare sai ta jiƙa garin kwaki, ba ta kiran amarya da kowane suna, idan dole ta yi mata magana sai ta fara da "wai". Wata rana ta tarar ana yi wa auta kitso, ta fizge ta, ta ce, "Ba uwarki ba ce."

Mu lura cewa babbar ba wai ta rasa uwa kaɗai ba. A shekarar da gidan ba mace, ita ke girki, ita ke yi wa auta wanka, ita uban ke ba kuɗin cefane. Zuwan amarya ya sauke ta daga wannan kujera. Ƙinta ya haɗa alhini da kara da asarar matsayi, kuma duk kyautar da aka miƙa mata tana tuna mata cewa ta koma yarinya.

Matakin farko shi ne ja da baya a kan ƙauna. Amarya ta janye batun Umma, ta ce, "Ku ce mini Anti, Ummanku tana nan, babu mai maye gurbinta." Wannan jimla tana kwance ɗaurin kara fiye da turmin atamfa goma, domin ta ba yarinya izinin riƙe uwarta. Ta bar wa babbar wani yanki na hidimar auta, kamar wankan safe da rakiyar makaranta, ta kuma riƙa tambayarta abin da ta fi ta sani: wane abinci ne namijin ba ya ci, wane magani ake ba auta idan mura ta kama ta. Tuwo kuwa a ci gaba da zubawa a kwanonta kullum, a rufe, a ajiye inda aka saba. Ba lallashi, ba gori, ba kuma daina zubawa. Idan tsoron sammu ne ya hana ta ci, roƙo ba ya kawar da shi, sai ganin cewa daga tukunya guda aka kwashe wa ubanta da ƙannenta. Ya fi kyau kuma a nemi kusanci ta hanyar aikin da ake yi kafaɗa da kafaɗa, kamar gyaran zogale ko tafiya kasuwa, domin 'yar wannan shekaru ta fi sakin baki idan ba a kafa mata ido ba.

Mataki na biyu shi ne tsayawa a kan ladabi, kuma wannan aikin uba ne. Masu binciken da muka ambata sun dace a kan cewa a shekarun farko horo ya kamata ya kasance a hannun mahaifi, don yaro ba ya karɓar hukunci daga wanda bai riga ya amince da shi ba. Amarya ta samu mijinta a keɓe, ba a gaban yara ba, ba kuma lokacin da ya shigo a gajiye ba. Ta kawo abin da ya faru ba tare da siffanta yarinyar ba. Akwai tazara tsakanin "'yarka ba ta da tarbiyya", wanda zai sa uba ya tashi kare jininsa, da "Alhaji, yau kwana biyar ba ta gaishe ni ba, jiya kuma ta shiga ɗakina ta buɗe durowa. Ba na neman ta so ni, ina neman ka sa mana doka." Shi kuma ya tara yaran ya ce: ba wanda zai tilasta muku son Antinku, uwarku uwarku ce, amma a gidan nan ana gaisuwa, ana amsa kira, ba a zagi, kuma idan ba na nan maganarta maganata ce. Dokokin su zama kaɗan, uku ko huɗu, waɗanda ake iya gani ko an bi. Ya kuma ware wa babbar lokacinta ita kaɗai, ko da rakiya ce zuwa gidan kaka ranar Juma'a, domin rabin fushinta tsoron rasa shi ne.

Idan aka yi mata rashin kunya ido da ido alhali uban ba ya nan, abin da ke tsare mutunci gajeriyar magana ce cikin murya ta yau da kullum: "Ba a yi mini magana haka. Za mu ƙarasa idan Babanku ya dawo." Sai ta ci gaba da aikinta. Cacar baki da 'yar shekara 13 tana mayar da su sa'o'in juna, kuka a gabanta yana ba ta makami, duka kuwa yana tabbatar wa dangin uwa duk abin da suka daɗe suna faɗa.

Ta yaya za a san ana samun ci gaba? Ba daga kalaman so ba. Ana ganewa idan tazarar da ke tsakanin rikici da rikici tana tsawo, idan kwano ya fara dawowa wayam, idan yarinya ta kawo wata buƙata da kanta. Sau da yawa buƙatar farko ta dole ce, kamar ranar da ta fara al'ada ba ta da wata mace a kusa. Yadda aka rufa mata asiri a ranar, aka ba ta abin da take buƙata ba tare da an mayar da abin hujjar "ga shi kin dawo gare ni" ba, yana iya sauya zaman gaba ɗaya. Game da lokaci, Papernow ta ƙiyasta cewa gidajen da suka yi sauri kan ɗauki kimanin shekara 4 kafin su daidaita, matsakaita kimanin 7. Mai auna nasararta da watanni za ta yanke ƙauna tun aikin bai kankama ba.

Inda haƙuri ke ƙarewa

Iyakar tana da fuska biyu, kuma ta farko tana cikin zuciyar matar uban kanta. Kirkin da aka yi ta mayarwa yakan rikiɗe ya zama ƙullaci, kuma alamunsa ƙanana ne: naman miya ya fara karkata kwanon 'ya'yanta, aiken rana ya zama na ɗan miji kullum, ta fara jin daɗi idan uban ya dake su. Yara, duk tsiwarsu, su ne masu rauni a gidan, ba su zaɓi auren ba, ba su kuma da inda za su yi yaji. Wadda ta ga waɗannan alamu a kanta ta rage ɗawainiyar da ta ɗora wa kanta bisa son rai, ta nemi hannun kaka ko gwaggo, ta koma ga sana'arta da zumuncinta, don kada ƙimarta duka ta rataya a kan fuskar yarinya guda.

Fuska ta biyu ita ce cutarwa. Rashin gaisuwa ana gyara shi a cikin gida. Amma idan babban ɗa ya ɗaga mata hannu, ko aka yi mata ƙazafin sata ko asiri a bainar jama'a, ko ana cutar da ƙananan 'ya'yanta, ko mijin ya ji duk wannan ya ce "yara ne, ki yi haƙuri" ya juya baya, to matsalar ta tashi daga kan yara ta koma kan aure. Hanyar da aka sani ita ce ta sanar da waliyyinta, a zauna da manyan dangin miji, musamman wan uba ko gwaggon da yaran ke jin nauyi. Idan hakan bai yi ba akwai limamin unguwa da mai unguwa, a Kano da wasu jihohi kuma Hukumar Hisbah tana sulhunta irin waɗannan rigingimu kafin a kai ga alƙali. A irin wannan zama ana iya duba ko maslahar yarinya ita ce ta koma hannun kakarta ta wajen uwa, wadda tun asali ita shari'a ta gabatar, uban ya ci gaba da ciyarwa, ƙannen kuma su riƙa kai mata ziyara. Mutane kan ɗauki wannan a matsayin an kori 'yar miji, shi ya sa ya kamata shawarar ta fito daga bakin uba da dangin uwa a gaban shaidu, a kuma tsayar da ranakun zuwanta gidan ubanta da kuɗin da zai riƙa aikawa duk wata kafin ta ɗauki jakarta.